Ka Ƙayyade Kwararar Data Kafin Ka Zaɓi Kyan Hoto: Jagorar Buga Gem Daga Nesa a Kan Layi Mai Rauni

Wanda ke buga gem ta GeForce NOW na kamfanin NVIDIA, ko ta Xbox Cloud Gaming na Microsoft, bidiyo yake kallo. Gem ɗin kansa yana gudana a wata kwamfuta mai ƙarfi da ke cibiyar kamfanin, can a wani gari ko wata ƙasa. Idan ɗan wasa ya danna maɓalli, saƙon dannawar ya tafi can, kwamfutar ta zana abin da ya faru, ta matse hoton, ta turo masa. Haka ake yi sau 60 a kowace daƙiƙa. Abin da ya raba wannan da kallon fim a YouTube shi ne fim an riga an gama shi, don haka waya tana iya sauke daƙiƙu masu yawa ta ajiye a gaba, idan sabis ya ɗan yi tuntuɓe mai kallo ba zai ma sani ba. Hoton gem kuwa bai wanzu ba sai an danna maɓallin, saboda haka babu abin da za a tanada, kuma duk wata gargada ta layi a fuskar ɗan wasa take bayyana nan take. Daga nan hujjar wannan jagora ta taso: mai layi mara ƙarfi, ko mai data ƙidayayya, ya fara da yanke wa kansa iyakar datar da za ta riƙa kwarara a daƙiƙa, sannan ya zaɓi girman hoton da wannan iyaka za ta iya ɗauka. Yawancin mutane ta baya suke farawa, su zaɓi 1080p domin ya fi daɗin faɗa, su bar manhaja ta ja duk abin da ta ga dama.

Kwararar data ana auna ta da megabit a daƙiƙa, abin da ake gani a allo da Mbps. Kamfanonin sadarwa kuma da gigabayit suke sayar da data, wato giga a bakin kowa. Haɗa biyun ba shi da wuya. Awa guda daƙiƙa 3,600 ce, bayit guda kuma bit takwas ne, don haka megabit ɗaya a daƙiƙa yana cin megabayit 450 a awa:

```
GB/h = Mbps × 0.45
```

Da wannan lissafi, megabit 10 yana cin giga 4.5 a awa, megabit 15 yana cin 6.75, megabit 25 kuma 11.25. Google, lokacin da yake gudanar da Stadia, wadda ya buɗe a Nuwamban 2019 ya rufe a Janairun 2023, ya bayyana cewa 720p na iya cin giga 4.5 a awa, 1080p kuma 12.6, 4K har giga 20. Wanda ya raba waɗannan alƙaluma da 0.45 zai ga megabit 10 da 28 da kusan 44 ne. Abin lura a nan shi ne girman hoto ba shi ke cin data da kansa ba, kwararar da aka haɗa shi da ita ce ke ci. Mutum na iya saukar da hoto zuwa 720p amma ya bar iyakar kwarara a megabit 30, sai datarsa ta ci gaba da zuba fiye da yadda ya zata, ya rasa inda gizo ke saƙar.

To me ya sa za a rage girman hoto, tunda ba shi ke cin data ba? Saboda bit ɗin da ke zuwa a kowace daƙiƙa rabawa ake yi tsakanin ɗigogin da suka haɗa hoton. Hoton 720p yana da ɗigo 1,280 a kwance da 720 a tsaye, jimla 921,600. Na 1080p yana da 2,073,600, wato ninki biyu da kwata. Idan kwararar megabit 10 ce, kuma hotuna 60 ake turowa a daƙiƙa, kowane hoto ya sami bit wajen 167,000 ke nan. A 720p kowane ɗigo zai tashi da kusan 0.18 na bit, a 1080p kuwa 0.08 kacal. Tuwo ɗaya ne, masu ci ne suka ƙaru. Idan rabon ya yi kaɗan, na'urar matse hoto ba ta da zaɓi sai ta zubar da ƙananan bayanai, kuma tana yin haka ne daidai lokacin da komai ke motsi. Shi ya sa 1080p mai yunwa yake da kyau ƙwarai idan ɗan wasa yana tsaye yana kallon bango, amma da zarar ya juya kyamara sai ciyawa da ganyen bishiyoyi su narke su zama kunu, wuraren duhu su farfashe zuwa murabba'ai, rubutun allo ya dusashe na ɗan lokaci kafin ya dawo. Hoton 720p da ya ƙoshi yana da ɗan laushi a kowane lokaci, amma ba ya rikiɗa, kuma ido yana sabawa da laushin da bai canzawa cikin mintuna kaɗan. A fuskar waya mai inci shida, ko kwamfutar cinya mai inci 14, bambancin ma da ƙyar ake ganinsa.

A ɗauki misalin gida mai rauta ta 4G, ana sayen giga 80 a wata. Mutanen gida suna cin giga 30 a harkokinsu, saura 50 na gem, kuma mai wasan yana son awa uku a mako, wato awa 12 a wata. Giga 50 a raba gida 12 ya ba da 4.17 a awa, a raba da 0.45 ya ba da megabit 9.3. Wannan ita ce iyaka ta farko, iyakar aljihu. Ba a tsayawa daidai bakinta, domin akwai sauti da saƙonnin maɓalli da 'yan bayanan da ke rakiyar kowane ƙunshin data, sai a sauko zuwa megabit 8. Wannan zai ci giga 3.6 na hoto, a ƙiyasta huɗu gaba ɗaya, awa 12 ta tashi giga 48. Da an bar kwararar a megabit 25, giga 50 ɗin ba za ta kai awa huɗu da rabi ba, wato tun mako na biyu bai ƙare ba wasa ya tashi.

Iyaka ta biyu ta layi ce, kuma a nan ne aka fi yaudarar kai. Gwajin gudun intanet da aka yi da hantsi, lokacin da unguwa ta watse, yana iya nuna megabit 40. Amma ba da hantsi ake wasan ba, bayan sallar isha'i ake yi, sa'ad da kowa ya koma gida ya ɗora wa ƙarfen sabis ɗaya nauyi. Don haka a yi gwajin a lokacin da ake wasa, sau uku ko huɗu a ranaku daban-daban, a riƙe mafi ƙanƙanta. A ce an sami 22 da 18 da 14. Lambar da za a yi aiki da ita 14 ce, kuma ba dukanta ba, kashi biyu cikin uku, wato kusan 9, domin a bar wa layi wurin numfashi. Sai a kwatanta iyakokin biyu a ɗauki ƙaramar. A wannan gida megabit 8 ta shiga ƙarƙashin duka biyun.

Dalilin barin wannan sarari ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne asalin abin da 'yan wasa ke kira nauyin hannu. Idan kamfani yana turo megabit 25 a daƙiƙa alhali layi 14 yake iya wucewa da shi, ragowar 11 ba ɓacewa take yi nan take ba, layi take bi a ma'ajiyar na'urorin da ke kan hanya, kamar motoci a bakin shingen bincike. Cikin daƙiƙa guda an tara megabit 11, wanda zai ɗauki kusan kashi takwas cikin goma na daƙiƙa kafin ya wuce. Ma'ana hoton da ɗan wasa ke gani ya tsufa da kusan daƙiƙa ɗaya, an riga an ci shi ƙwallo yana nan yana shirin tarewa. Idan ma'ajiyar ta cika kuma sai a fara zubar da ƙunshin data, hoto ya tsaya cak ko ya yage. Za a ce ai manhajar tana gane haka da kanta ta rage kwarara. Gaskiya ne tana yi, kuma ya kamata a bar wannan kariya a kunne. Sai dai tana ganewa ne bayan cunkoson ya auku, sannan idan ta ga hanya ta buɗe ta sake hawa, ta sake cin karo. Wanda ya sa iyaka a ƙasa da inda layinsa ke faɗuwa ya hana wannan hawa da sauka tun daga tushe.

A GeForce NOW ana yin saitin ne a Settings, ƙarƙashin Streaming quality. Akwai zaɓuɓɓukan da aka riga aka tsara, irin su Balanced da Data saver, amma Custom ne ke ba mutum linzami. A nan za a mayar da Max bit rate daga Auto zuwa 8, a sa Resolution a 1280 x 720, a bar Adjust for poor network conditions a kunne. Sauran abu guda shi ne Frame rate, yawan hotuna a daƙiƙa. A megabit 8 da hotuna 60, kowane ɗigon 720p yana samun kusan 0.14 na bit, wanda zai wadatar a gem mai sauƙin zane amma zai ɗan yi ƙamfa a daji mai yawan ganye. Idan aka koma hotuna 30 rabon ya ninka, hoto ya fi tsabta, amma tazarar da ke tsakanin hoto da hoto ta tashi daga milisakan 16.7 zuwa 33.3, kuma hannu yana jin wannan. Ra'ayina shi ne gem na dabara da na labari, inda ake tunani kafin a motsa, su tafi da 30, na ƙwallo da tsere su tsaya a 60 a haƙura da ɗan dusashewa. Inda manhaja ba ta ba da damar sa lamba ba, sai a zaɓi matakin inganci mafi ƙasa da take da shi a auna abin da yake ci.

Mai karatu da ya duba shafin NVIDIA zai iya kawo ƙorafi: kamfanin ya ce ana bukatar megabit 15 domin 720p mai hotuna 60, da 25 domin 1080p, Microsoft kuma ya ba da shawarar megabit 10 a waya da 20 a kwamfuta, to ina hikimar sa 8? Amsar ita ce waɗannan alƙaluma suna magana ne a kan faɗin layin da ake so mutum ya mallaka, tare da sararin da aka ambata a sama, domin a sami ingancin da kamfanin ke son a san shi da shi. Mai layin da ke sauka 14 yana bakin wannan iyaka, manhajar ma tana iya yi masa gargaɗi kafin a fara. Hoton megabit 8 bai kai na 15 kyau ba, babu mai musun haka. Amma zaɓin da ke gaban wannan gida tsakanin awa 12 na wasa mai santsi ne da kusan awa bakwai da rabi a megabit 15 na wasan da ke yawan sarƙewa.

Sai batun kebul da waifai. Ana yawan cewa tunda waifai na gida yana iya ɗaukar ɗaruruwan megabit, kuma 8 kawai ake bukata, jan kebul wahalar banza ce. Kuskuren wannan magana shi ne ta auna faɗin hanya ta manta da daidaiton isowa. Kowane hoto yana da milisakan 16.7 ya iso, idan ya makara an wuce shi. Waifai iska ɗaya ce ake rabawa: na'ura tana saurarawa ta ji ko wani na magana kafin ta yi tata, idan saƙo ya lalace a sake turawa, kuma wayar da ke can ƙuryar gida da sigina mai rauni tana riƙe iskar fiye da kowa domin a hankali take magana. Zangon 2.4 GHz ya fi muni, tashoshi uku ne kawai a cikinsa da ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, ga rautocin maƙwabta, ga Bluetooth da hannun gem da abin sauraro ke amfani da shi duk a zango guda. Zangon 5 GHz ya fi sarari, shi kamfanonin biyu suke ba da shawara, amma bango yana cin ƙarfinsa da sauri, don haka amfaninsa sai ana ɗaki ɗaya da rauta ko bango ɗaya ne tsakani. Kebul na Ethernet nau'in Cat5e kuwa yana kai mita 100 ba tare da ya rage gudu ba, kuma babu wanda yake rabawa da shi.

Ba sai an yarda da wannan a baki ba, ana iya gwadawa cikin minti biyu. A Windows a buɗe Command Prompt a rubuta `ipconfig`, a duba lambar da ke gaban Default Gateway, ita ce adireshin rauta. Idan misali 192.168.0.1 ce, sai a rubuta:

```
ping -n 100 192.168.0.1
```

A Mac ko Linux `-c` ake sawa a madadin `-n`. Idan ya gama zai nuna Minimum da Maximum da Average, da adadin saƙonnin da suka ɓace. Kada a kula da matsakaicin, a dubi mafi girma. Ta kebul yawanci duka ɗarin suna dawowa cikin milisakan ɗaya ko ƙasa da haka. Ta waifai mai lafiya za a ga biyu zuwa biyar. Idan kuwa ana ganin 3, 4, 3, sai kwatsam 120, to kowane irin wannan tsalle hotuna wajen bakwai ne suka makara, kuma shi ne ƙyaftawar da ake gani a wasa. Daga nan a maimaita gwajin zuwa waje:

```
ping -n 100 1.1.1.1
```

Idan gwajin farko ya fita tsaf amma na biyu yana tsalle, matsalar ba a cikin gida take ba, tana tsakanin rauta da ƙarfen sabis ko gaba da nan. Wannan ne ke amsa ƙorafi mafi ƙarfi a kan kebul, cewa mai 4G ai ta iska datarsa ke zuwa ko ya ja kebul ko bai ja ba. Haka ne, kebul ba ya gyara sabis. Abin da yake yi shi ne ya rage tsallaken iska daga biyu zuwa ɗaya, kuma ya 'yantar da rauta ta zauna inda sigina ya fi kyau, bakin taga ko saman kabad ta ɓangaren ƙarfen sabis, ɗan wasa kuma ya zauna inda ya ga dama. Wanda ke amfani da ƙaramar MiFi ko wayarsa, ya haɗa ta da kwamfuta ta kebul na USB ya kunna USB tethering maimakon hotspot, ribar iri ɗaya ce, ga caji a kan hanya. Akwai kuma wani ɓarawo da ba a cika zargi ba: turawa sama. A 4G hanyar fita ta fi ta shigowa ƙunci, don haka idan wani a gida yana ɗora bidiyo a WhatsApp, ko waya tana kwashe hotuna zuwa Google Photos, saƙon maɓallin ɗan wasa sai ya bi layi a bayansu. Alamarsa ita ce hoto yana nan garau amma hannu ya yi nauyi.

Akwai abin da saiti da kebul duka ba su iya taɓawa, shi ne nisa. Haske a cikin zaren gilashi yana tafiyar kusan kilomita 200 a milisakan guda. Kebul ɗin MainOne da ya fara aiki a 2010, wanda ya haɗa Legas da Fotugal ta ƙarƙashin teku, tsawonsa wajen kilomita 7,000 ne, wato milisakan 35 zuwa, 35 dawowa. Mai wasa daga Kano ya ƙara kusan kilomita dubu zuwa Legas, wasu milisakan 10 ke nan zuwa da dawowa. An kai 80 tun ba a wuce Fotugal an shiga tsakiyar Turai ba, ba a lissafa jinkirin 4G ba, ba a lissafa matse hoto da warware shi ba. NVIDIA kuwa ta ce jinkiri zuwa cibiyarta ya kasance ƙasa da milisakan 80, kuma ta fi son ƙasa da 40. Saboda haka wanda cibiyar da ta fi kusa da shi tana Turai, daga Kano yake ko Damagaram ko Kumasi, ya san cewa gem na harbi da ake gasa da wasu ba nasa ba ne ta wannan hanya, kuma ƙara kuɗin data ba zai rage ko milisakan ɗaya ba. Gem da ake bugawa bi da bi, da na gina gari, da na labari mai tafiyar hawainiya, suna jure jinkirin da ya haura 100. Kafin a biya ko sisi, a duba ko kamfanin ya sa ƙasar mutum a jerin ƙasashen da yake yi wa hidima, a kuma danna Test network a manhajar a ga ainihin lambar. Masu bi ta VPN su sani cewa zagaye suke ƙara wa hanyar, jinkiri kuma yakan ƙaru.

Lissafin 0.45 rufi ne, abin da ake ci a zahiri yakan yi ƙasa da shi, domin idan allo ba ya motsi na'urar matsewa ba ta cika iyakar. Hanyar sani ita ce a auna. A Windows akwai Data usage ƙarƙashin Network & internet, wanda ke nuna abin da kowace manhaja ta ci, Android ma tana da irinsa. A rubuta lambar, a buga minti 15 na wasa mai motsi sosai, a sake dubawa, a ninka bambancin sau huɗu. A cikin wasa, `Ctrl+N` a manhajar GeForce NOW ta kwamfuta yana fito da jinkiri da kwarara da ƙunshin da suka ɓace. Idan jimlar ta wuce giga huɗu da nisa, wani abu ne ke ci a ɓoye, galibi sabunta Windows, wanda ake takawa birki da kunna Metered connection. A kuma tuna cewa dakatar da gem ba ya dakatar da bidiyon, wanda ya tashi cin abinci ya bar shi a buɗe yana biyan kuɗin kallon allon da babu kowa a gabansa.

Tambaya ta ƙarshe da mai hankali zai yi ita ce ko sauke gem ɗin gaba ɗaya bai fi arha ba. Sau da yawa ya fi. Manyan gem na yanzu suna kai giga 100, a giga huɗu a awa kuwa, awa 25 ta wasa daga nesa ta cinye daidai wannan. Wanda ke da na'urar da za ta iya ɗaukar gem ɗin, kuma zai shafe watanni a kansa, ya sauke shi sau ɗaya, musamman idan yana da garaɓasar datar dare, daga nan abin da wasan intanet na yau da kullum ke ci a awa bai fi megabayit goma-goma zuwa 'yan ɗaruruwa ba. Wasa daga nesa yana cin riba ne ga wanda kwamfutarsa ba ta da ƙarfi, ko mai son ɗanɗana gem na awa biyar ko goma ya wuce. A gidan da muka yi misali da shi, mai awa 12 a wata, gem mai giga 100 yana biyan kuɗin saukarsa da an ɗan shiga wata na uku.